Yadda Ake Lissafin Ranakun Biyan Rance na Wata-Wata Idan Wa'adin Ya Faɗa Ƙarshen Wata

Rancen da aka karɓa ranar 10 ga wata ba ya ba kowa wahala, domin kowane wata yana da ranar 10, kuma mai bin bashi da wanda ake bi duk sun san lokacin da kaso zai cika. Rikici yana farawa ne idan kuɗin ya fita a ranar 29, ko 30, ko 31, saboda wata mai zuwa yana iya rasa wannan rana gaba ɗaya. Ba kuma abu ne da ba a cika gani ba, tun da akan amince da rancen ma'aikata da na ƙungiyoyin gama kai a ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shigo kuma asusun ƙungiya ya yi nauyi. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarci masu ƙulla bashi zuwa wani ajali ambatacce da su rubuta shi, kuma ajalin da aka rubuta a matsayin "31 ga kowane wata" bai ambatu ba tukuna, sai an faɗi abin da zai faru a watannin da ba su kai kwana 31 ba.

Misalin da za mu bi daga farko har ƙarshe shi ne na wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata da ta ba wani mambanta rancen naira 600,000 a ranar Juma'a 31 ga Oktoba, 2025, bisa sharaɗin zai biya cikin wata shida, naira 100,000 a kowane wata. Aikin ma'aji shi ne ya fitar da ranaku shida waɗanda zai rubuta a takardar yarjejeniya, ya kuma iya kare kowace daga cikinsu idan an tambaye shi.

Mataki na farko shi ne a tsayar da ranar tushe, wato ranar da za a riƙa ƙirga kowane kaso daga gare ta, a rubuta ta a sarari. Wani lokaci ita ce ranar da kuɗi ya shiga hannun mai karɓa, wani lokaci kuma rana ce da aka zaɓa domin ta dace da albashi. Ranar da aka cika takardar neman rance da ranar da kwamiti ya amince ba su da amfani a wannan lissafi, sai dai idan yarjejeniyar ta faɗi haka. A misalinmu ranar tushe ita ce 31 ga Oktoba, 2025, kuma abin da ma'aji zai riƙe shi ne lambar nan ta 31, domin ita ce asalin ranar wa'adi ko da wasu watanni sun tilasta a sauko ƙasa da ita.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi kowane muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kowane kaso ana lissafa shi ne daga ranar tushe kai tsaye, ba daga ranar kason da ya gabace shi ba. Kaso na farko shi ne ranar tushe da ƙarin wata ɗaya, na biyu ranar tushe da ƙarin wata biyu, na biyar ranar tushe da ƙarin wata biyar. Idan an isa watan da ake nema sai a duba yawan kwanakinsa. In yana da ranar 31 a ɗauke ta, in ba shi da ita a ɗauki ranarsa ta ƙarshe. Afrilu da Yuni da Satumba da Nuwamba kwana 30 ne, Fabrairu kwana 28 ne ko 29, sauran watanni bakwai kuma kwana 31.

Idan aka bi wannan ƙa'ida, kaso na farko zai faɗa 30 ga Nuwamba, 2025, saboda babu 31 ga Nuwamba. Na biyu zai koma asalinsa, 31 ga Disamba, na uku kuma 31 ga Janairu, 2026. Na huɗu zai sauko zuwa 28 ga Fabrairu, na biyar ya sake hawa zuwa 31 ga Maris, na shida kuma, wanda da shi bashin zai ƙare, ya tsaya a 30 ga Afrilu, 2026. A lura da yadda ranar take komawa 31 duk lokacin da wata ya ba ta dama. Wannan komawar ita ce alamar cewa an yi lissafin daidai.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan ma'aji ya ƙara wata ɗaya a kan ranar da ta gabata, wanda shi ne abin da hannu ya fi saurin yi. Daga 31 ga Oktoba zai sami 30 ga Nuwamba, kuma wannan daidai ne. Amma daga 30 ga Nuwamba zai sami 30 ga Disamba, sannan 30 ga Janairu, sannan 28 ga Fabrairu. Daga nan lambar ta maƙale a 28, sai ya rubuta 28 ga Maris da 28 ga Afrilu. Ranar ta sauka sau biyu kuma ba ta sake hawa ba, domin lissafin ya manta da 31 tun a mataki na farko. Kwana biyu ko uku ba su da yawa a ido, amma ga ma'aikacin da albashinsa yake shiga 29 ko 30 ga wata, su ne bambancin da ke tsakanin wanda ya biya a kan lokaci da wanda aka rubuta masa jinkiri alhali bai saɓa alkawari ba. Idan rancen na shekara uku ne, to bayan Fabrairun farko duk sauran kason za su zauna a 28 har ƙarshe.

Akwai kuma masu ɗaukar wata a matsayin kwana 30 cif, su riƙa ƙara 30 a kan ranar baya. A misalinmu hakan zai ba da 30 ga Nuwamba, 30 ga Disamba, 29 ga Janairu, 28 ga Fabrairu, 30 ga Maris da 29 ga Afrilu. Kaso goma sha biyu a wannan tsari kwana 360 ne, saboda haka ranar biya tana ja baya da kwana biyar kowace shekara, ko shida idan Fabrairu ya yi 29. Tsarin kwana talatin-talatin halastaccen tsari ne idan shi aka ƙulla tun farko, kuma wasu masu ba da ƙananan rance suna amfani da shi, amma ba shi ne ma'anar biyan wata-wata ba, kuma bai kamata a cakuɗa su a takarda ɗaya ba.

Game da Fabrairu, ƙa'idar tana da sauƙi. Yana yin kwana 29 a shekarar da take rabuwa da 4 ba saura, kamar 2024 da 2028, sai dai shekarar cikar ƙarni, wadda sai ta rabu da 400. Shi ya sa 2000 ta samu ranar 29 amma 2100 ba za ta samu ba. Rancen da ranar tushensa take 29 ko 30 ga wata a Fabrairu kaɗai zai gamu da matsala, kuma maganinta ɗaya ne: a ɗauki ranar ƙarshe ta Fabrairu, a koma 29 ko 30 a Maris.

Mataki na uku tambaya ce da lissafi ba zai iya amsa ta ba, sai mutanen biyu sun zauna sun yanke. Idan rancen ya fita a ranar ƙarshe ta gajeren wata, misali 28 ga Fabrairu, 2026, ko 30 ga Afrilu, to me ake nufi da ranar? Ana iya cewa wa'adin 28 ga kowane wata ne, sai kaso na farko ya zama 28 ga Maris. Ana kuma iya cewa an ba da rancen ne a ƙarshen wata, saboda haka wa'adin ƙarshen kowane wata ne, sai kaso na farko ya zama 31 ga Maris, na biyu 30 ga Afrilu. Fassarorin biyu duk ana aiki da su, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai kwana uku a wasu watanni. Abin da ba ya halatta shi ne a bar takardar shiru, ma'aji yana da fassara ɗaya a ransa, mamba yana da wata. A ganina, ga mai biya da albashi fassarar ƙarshen wata ta fi adalci, domin ita ce ta fi ba albashi damar shigowa kafin wa'adi. Jimla ɗaya ta isa: "Ranar biya ita ce ranar ƙarshe ta kowane wata," ko kuma "Ranar biya ita ce 28 ga kowane wata."

Kusa da wannan akwai wani tarko da ke kama har masu amfani da manhajar lissafin rance. Wasu manhajoji suna neman a shigar da ranar kaso na farko, sannan su gina sauran jadawalin a kanta. A misalinmu ranar kaso na farko 30 ga Nuwamba ce, wadda an riga an rage mata kwana ɗaya, saboda haka manhajar za ta ɗauka wa'adin 30 ne, ta fitar da 30 ga Disamba da 30 ga Janairu. Duk wanda ya shigar da irin wannan rance ya duba layi na biyu na jadawalin kafin ya buga shi. Idan Disamba ya nuna 30 alhali ranar tushe 31 ce, to an gina a kan ranar da ba ita ba ce.

Mataki na huɗu shi ne zuba lissafin a Excel ko Google Sheets, ga mai yin jadawalin mutane da yawa. A rubuta ranar tushe a gurbin B1, a jera lambobin kaso daga 1 zuwa 6 a gurbin A4 zuwa A9, sannan a rubuta wannan a B4 a ja shi ƙasa:

```
=EDATE($B$1,A4)
```

Alamar dala da ke jikin B1 ita ce take hana tushen motsawa idan an ja lissafin ƙasa, kuma EDATE da kanta takan sauko zuwa ranar ƙarshe ta wata idan ranar da ake nema babu ita. Wanda ya rubuta =EDATE(B4,1) a layi na gaba ya faɗa kuskuren da aka bayyana a sama, zai ga 28 ta maƙale. Idan gurbin ya nuna lamba irin 45991 maimakon 30 ga Nuwamba, 2025, lissafin bai lalace ba, sai dai a sauya tsarin gurbin ya koma na kwanan wata. Ga yarjejeniyar da ta ce ranar ƙarshe ta kowane wata kuma, wannan ake rubutawa:

```
=EOMONTH($B$1,A4)
```

A guji haɗa ranar da hannu ta hanyar DATE. Idan aka rubuta =DATE(2026,2,31), Excel ba zai nuna kuskure ba, zai zuba kwanakin da suka yi yawa cikin wata na gaba ya ba da 3 ga Maris, 2026. Sakamakon shi ne jadawalin da babu kaso a Fabrairu amma akwai biyu a Maris, kuma ba za a gane ba sai an ƙirga. Masu aiki da Excel na Faransanci, kamar yadda aka saba a ofisoshin Nijar, za su sami EDATE da sunan MOIS.DECALER, EOMONTH kuma da sunan FIN.MOIS. A kuma zaɓi tsarin da ke rubuta sunan wata da haruffa, saboda kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka tana karanta 01/12/2025 a matsayin 12 ga Janairu.

Mataki na biyar shi ne duba ranar mako da kowane wa'adi ya faɗa. A misalinmu uku daga cikin shida sun faɗa ranakun da ba a aiki: 30 ga Nuwamba, 2025 Lahadi ce, 31 ga Janairu da 28 ga Fabrairu, 2026 kuma duk Asabar ne. Gaskiya ne cewa yanzu ana tura kuɗi ta waya ko da tsakar daren Lahadi, amma cire kuɗi daga albashi, da kai kuɗi hannu ga ma'aji, da shigar da ceki, duk suna jiran ranar aiki. Hanyoyi uku aka sani. Ana iya matsawa gaba zuwa ranar aiki ta gaba, sai a sami Litinin 1 ga Disamba, Litinin 2 ga Fabrairu da Litinin 2 ga Maris. Ana iya komawa baya zuwa ranar aiki da ta gabata, sai a sami Juma'a 28 ga Nuwamba, Juma'a 30 ga Janairu da Juma'a 27 ga Fabrairu. Hanya ta uku, wadda bankuna suke yawan amfani da ita, ita ce a matsa gaba matuƙar ba a tsallaka cikin sabon wata ba, idan kuwa za a tsallaka sai a koma baya. Ga wa'adin ƙarshen wata wannan hanya ta uku tana ƙarewa ne a komawa baya kusan kullum, don haka a misalinmu amsarta ɗaya ce da ta biyu.

Kowace hanya tana da wanda take sauƙaƙa wa. Komawa baya yana sa kowane kaso ya zauna cikin watansa, littafin ma'aji ya tafi sumul, amma yana neman kuɗi daga mamba kafin wa'adin da aka yi da shi ya cika, wataƙila kafin albashi ya shigo. Matsawa gaba yana ba mamba sarari, amma littafin zai nuna babu kaso a Nuwamba kuma akwai biyu a Disamba, 1 ga wata da 31 ga wata. Ga ƙungiyar gama kai ni dai matsawa gaba nake ba wa ƙarfi, muddin ma'aji zai rubuta kowane biya da lambar kasonsa da watan da yake wakilta, ta yadda kuɗin da ya shigo 1 ga Disamba zai zauna a matsayin kason Nuwamba. Idan an jera ranakun hutu a gurbin F4 zuwa F20, wannan zai fitar da ranar aiki ta gaba a C4:

```
=WORKDAY(B4-1,1,$F$4:$F$20)
```

An cire kwana ɗaya ne domin idan ranar wa'adi ranar aiki ce lissafin ya dawo kanta. Mai son komawa baya sai ya rubuta =WORKDAY(B4+1,-1,$F$4:$F$20). A kula cewa ranar da aka gyara saboda hutu ba ta zama sabon tushe. Jerin B yana nan yadda yake, jerin C ne kawai ke motsi, kuma kason Disamba yana nan a 31 ko da an biya na Nuwamba a 1 ga Disamba.

Hutun da ke da tsayayyar rana a Nijeriya, irin su 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da 25 da 26 ga Disamba, ana iya shigar da su tun ranar da aka buga jadawalin. Hutun Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da na Maulidi kuwa suna bin ganin wata, kuma gwamnatin tarayya takan bayyana ranakunsu ne kwanaki kaɗan kafin lokacin. Saboda haka takardar ta ɗauki ƙa'idar matsawar a rubuce, ma'aji kuma ya ƙara ranakun a jerin hutu da zarar an sanar.

Mataki na shida ya shafi adadin kuɗin da za a biya, kuma a nan sai an san irin rancen. Idan rance ne ba ruwa, kamar yadda ƙungiyoyi da yawa suke bayarwa, ko kuma cinikin murabaha ne wanda aka yanke farashinsa tun ranar ƙullawa, to motsin ranaku ba ya taɓa adadin kaso, naira 100,000 tana nan naira 100,000 ko an biya Juma'a ko Litinin. Amma idan rancen banki ne mai kuɗin ruwa da ake lissafawa kullum a kan abin da ya rage, kowane kwana yana da farashi. A ɗauka wannan naira 600,000 ɗin tana ɗauke da ruwan kashi 24 cikin ɗari a shekara, ana raba shekara zuwa kwana 365. Ruwan shekara naira 144,000 ne, na kwana ɗaya kuma naira 394.52. Daga 31 ga Oktoba zuwa 30 ga Nuwamba kwana 30 ne, ana barin ranar farko a ƙirga ta ƙarshe, saboda haka ruwan kaso na farko naira 11,835.62 ne. Idan an matsa zuwa 1 ga Disamba kuma ruwan yana bin ranar da aka matsa, kwana 31 ke nan, naira 12,230.14. Idan an koma 28 ga Nuwamba kwana 28 ne, naira 11,046.58, amma sai tazarar kaso na biyu ta tsawaita zuwa kwana 33.

Abu biyu ke nan da mai karɓar irin wannan rance zai nema a takarda kafin ya sa hannu. Na farko, shin ruwan yana tsayawa a asalin ranar wa'adi ne ko yana ci gaba har ranar da aka matsa saboda hutu. Na biyu, da kwana nawa ake raba shekara, domin akwai masu raba ta da 360, kuma a wannan tsari ruwan kwana 30 ɗin nan zai zama naira 12,000 cif, ƙarin naira 164.38 a wata ɗaya kawai.

Mataki na ƙarshe shi ne tantance jadawalin kafin a miƙa shi. A ƙirga ranakun jerin B a tabbatar kowane wata daga Nuwamba zuwa Afrilu ya bayyana sau ɗaya, babu wanda aka tsallake, babu wanda ya zo sau biyu. A cire kowace rana daga wadda ta biyo ta, a fara da ranar tushe, tazarar ba za ta yi ƙasa da kwana 28 ko ta wuce 31 ba. A misalinmu tazarar ita ce 30, 31, 31, 28, 31 da 30, jimilla kwana 181, kuma idan aka cire 31 ga Oktoba, 2025 daga 30 ga Afrilu, 2026 dole a sami wannan 181 ɗin. Wanda ya yi lissafin sarƙa, wato ya riƙa ƙara wata ɗaya a kan ranar da ta gabata, zai sami 179, mai ƙara kwana talatin-talatin kuma 180, kuma wannan gwaji kaɗai ya isa ya tona kuskuren.

Idan an ba mamba sararin wata biyu kafin ya fara biya, ranar tushe ba ta canzawa, lambobin jerin A ne za su fara daga 3 su ƙare a 8, sai kaso na farko ya zama 31 ga Janairu, na ƙarshe kuma 30 ga Yuni, 2026. Haka nan idan ya makara ya biya kason Disamba a 10 ga Janairu, wa'adin Janairu yana nan a 31. Sabuwar ranar tushe tana zuwa ne kawai idan ɓangarorin biyu sun sake tsara bashin a rubuce, kuma a lokacin sai a buga sabon jadawali, a soke tsohon, kowa ya sa hannu. Ƙungiyar da take son kauce wa yawancin wannan wahala a rance na gaba tana iya sanya wa dokarta cewa ranar biya ba za ta wuce 28 ga wata ba, ko kuma ta mayar da wa'adin duk rancen ƙarshen wata zuwa 5 ga wata mai bi masa, ranar da kowane wata yake da ita kuma galibi albashi ya riga ya shigo.